Tafiya Jahi: Inda Bututun Iska Ya Ci Karo da Bim

Jirgin safe na bi daga tashar Rigasa ta Kaduna, a tsakiyar damina, ƙasa duk ta yi kore shar daga Kakau har Jere. Tun da aka buɗe wannan layi a 2016, duk mai aikin gini da ke zirga-zirga tsakanin Kaduna da Abuja ya samu wurin zama ya duba zane a kan cinyarsa, abin da mota ba ta bari. Ni ma abin da na yi ke nan. Wani tsohon ɗalibina, wanda yanzu shi ne injiniyan da ke tsaye a kan wani ginin ofis mai hawa huɗu a unguwar Jahi, ya turo mini zane uku da hoto ɗaya, ya ce aikinsu ya cije. Bututun da zai kai iskar sanyi cikin ofisoshin hawa na biyu ya zo ya tarar da bim a gabansa, kuma takardar da ya rubuta wa masu zanen ginin ta daɗe a wurinsu babu amsa.

Na sauka a Kubwa, ya zo ya ɗauke ni, muka bi babban titin da ya ratsa ta gefen Gwarinpa. Tun a mota ya fara kai ƙara. “Malam, mutanen nan ba sa amsa takarda,” in ji shi. “Masu silin suna jira, masu bututu suna jira, ɗan kwangila kullum yana kirana.” Na ce ya karanta mini abin da ya rubuta. Ya buɗe wayarsa. Takardar, wadda a wuraren aiki ake kira RFI, layi biyu ce kawai. Ma'anarta ita ce bututun iska ya ci karo da bim a hawa na biyu, a ba da shawara cikin gaggawa. Ya haɗa da hoton da ya turo mini: kankare mai toka-toka, gefen kwano, da hannun wani lebura yana nuni.

Na ce masa ko ni aka kawo wa wannan takarda zan ajiye ta gefe, ba don raini ba. Mutumin da ke zaune a ofis a Wuse, da ayyuka da yawa a gabansa, bai san wane bim ake nufi ba cikin gommai da ke hawan. Bai san da nawa bututun ya kasa wucewa ba, da kaurin yatsa ne ko da taƙi guda. Bai ma san ko shi ake tambaya ba, domin abin ya shafi mutum uku: injiniyan da ya lissafa ƙarfin ginin, injiniyan da ya tsara na'urorin sanyi, da mai zanen ginin da ya yanke tsayin silin. Kowanne cikinsu idan ya karanta layi biyun nan zai ɗauka ɗayan ne zai amsa. Kafin ya ce komai sai ya ɗauko zanen wasu, ya nemo wurin, ya yi lissafin da kansa, watakila ya zo har Jahi. Aikin rabin yini ke nan, kuma aikin rabin yini a kan teburin mai aiki da yawa kullum gobe ake yinsa.

Da muka isa, ginin yana tsaye da katakon kafintoci a hawa na sama, ƙarar injin kwaɓa kankare ta cika wurin, masu abinci sun kafa rumfa a bakin shinge. Muka hau matakala da ba a sa wa ƙarfen dafawa ba tukuna. A koridon hawa na biyu na ga abin da idona. Bututun kwano mai kusurwa huɗu ya taho a rataye daga ɗakin na'ura, yana bin ƙarƙashin dekin, sai ya tsaya cik da baki buɗe a gaban bim ɗin da ya gitta koridon. Foman ɗin masu bututu, dattijo mai sanyin magana, ya riga ya zana murabba'i da alli a jikin bim ɗin. Ya ce, “Yallaɓai, idan aka ba mu izini, injin fasa kankare yana ƙasa, kafin la'asar mun wuce.”

A nan na tsaya na yi magana a hankali, domin wannan allin shi ne abu mafi haɗari da na gani a ranar. Bim ɗin faɗinsa milimita 230 ne, zurfinsa 600, amma 150 daga ciki dekin ne, saboda haka abin da ya sauko ƙasa 450 ne kacal. Bututun da soson da za a naɗe shi da shi yana bukatar rami mai faɗin 650 da tsayin 350. Idan aka cire 350 daga 450, saura 100, kuma a cikin wannan ɗari ɗin ne manyan rodi na ƙasa suke kwance, waɗanda su ne ke hana bim tsagewa idan nauyi ya danne shi. Ringin da ke ɗaure da rodin, wanda ke tare tsagewar da ke tasowa a karkace kusa da fila, duk wanda ya faɗo cikin faɗin ramin sai an yanke shi. Irin wannan ɓarna ba ta nuna kanta a ranar. Sai an ɗora bulo da tayil da kayan ofis a sama sannan tsaga ta fito daga kusurwar ramin. Ƙaramin rami na bututun ruwa ko na waya ana iya barinsa a bim, amma injiniyan ƙarfin gini ne ke nuna wurinsa, kuma an fi so a sa hannun bututu a ƙara rodi kewaye da shi tun kafin a zuba kankare. Foman ya saurara, ya goge allin da tafin hannunsa, bai ce komai ba.

Sai muka ɗauko tef. Abu na farko da na sa ɗalibin nawa ya yi shi ne ya faɗa mini sunan wurin kamar yadda zane ya san shi. Kowane zanen gini yana da layuka, haruffa ta gefe ɗaya, lambobi ta ɗayan, kuma duka masu zanen uku da su suke aiki. Bim ɗinmu yana kan layin C, tsakanin layi na 3 da na 4. A zanen ƙarfin gini mai lamba S-103 sunansa 2B14. Bututun yana cikin zane M-203, silin kuma a A-301. Na ce ya duba kusurwar kowane zane ya rubuta harafin gyaran da ke hannunsa, domin sau da yawa rikici irin wannan daga nan yake tasowa: an zurfafa bim a sabon gyara, mai tsara bututu kuma yana aiki da tsohon. Da muka duba, zanen ƙarfin gini ya kai gyara na C, na bututu kuma yana kan gyara na A. Ba mu rubuta zargi a kan kowa ba, mun dai rubuta haruffan, mai karatu zai gane da kansa.

Abu na biyu shi ne awo, kuma a nan ne yawancin takardu ke ruɗewa. Kowane zane yana da wurin da yake fara ƙirga tsayi. Injiniyan ƙarfin gini yana ƙirgawa daga saman kankaren dekin. Mai zanen gini yana ƙirgawa daga saman tayil, wanda a wannan gini zai hau da milimita 50 idan an gama daɓe. Mai tsara bututu kuma girman cikin kwano yake rubutawa, ban da soson da za a naɗe shi da shi. Idan ka kwashi lambobin ukun nan ka jera ba tare da ka mai da su ma'auni ɗaya ba, kowa zai ga nasa lissafin daidai ne. Muka zaɓi saman tayil, muka mai da komai can.

Daga dekin zuwa dekin milimita 3600 ne. Cire zurfin bim 600, ƙasan bim yana kan 3000 daga ɗanyen kankare, wato 2950 daga saman tayil. Wannan a takarda ke nan. Muka auna a zahiri a wuri uku, kusa da kowace fila da kuma tsakiya, mafi ƙanƙanta ya ba mu 2990 daga kankare, wato 2940. Katakon kafinta ya ɗan sauka da milimita 10 lokacin zuba kankare, abu ne da aka saba gani, amma wajibi ne a rubuta abin da tef ya nuna. Silin a zane yana kan 2700. Ke nan tsakanin silin da ƙasan bim 240 ne. Bututun 600 ne a faɗi, 300 a tsayi. Soso 25 a sama, 25 a ƙasa, ya zama 350. Ƙarfen da silin ke rataye a kai da allon kansa suna cin kimanin 50. Ana bukatar 400, akwai 240. Giɓin 160 ne. Wannan lamba ɗaya ita ce ta ɓace daga takardar farko, kuma ita ce duk wanda zai amsa yake nema.

Wani matashi cikin masu bututu ya ce to a cire soson a daidai ƙarƙashin bim mana, a matse bututun zuwa 150. Shawarar tana da sauƙi a baki, kuma na sha ganin inda aka yi ta a ɓoye. Iskar da ke cikin bututun ta fi iskar da ke cikin silin sanyi nesa ba kusa ba, kuma a damina irin ta Abuja iska cike take da danshi. Duk inda kwano ya fito tsirara zai yi gumi kamar kwalbar da aka ciro daga firji, ruwan ya ɗiga a kan silin, bayan wata biyu a ga tabo mai launin ƙasa, a yi ta neman yoyon rufi alhali babu shi. Matsewar kuma tana da nata lissafin. Zanen ya nuna bututun yana ɗauke da lita 900 na iska a daƙiƙa. A bakin 600 da 300, iskar tana gudun mita 5 a daƙiƙa. Idan aka mai da shi 600 da 150, bakin ya ragu da rabi, gudun ya zama mita 10. Korido zai riƙa huci, fankar na'ura za ta sha wahala, ofisoshin da ke ƙarshen layi kuma su rasa sanyi.

Muka zauna a kan bulo a inuwar hawan, ruwa ya fara yayyafi a waje, muka nemi abin da zai yiwu. Ra'ayina a nan mai ƙarfi ne: injiniyan wurin aiki ba shi da hurumin sauya zane, amma yana da hakkin kawo shawara, kuma takardar da ta zo da shawara ta fi saurin samun amsa, domin duba lissafin wani a ce e ko a'a ya fi sauƙi a kan ƙirƙiro mafita daga farko. Idan aka shimfiɗa bututun ya zama 1000 da 200 a ƙarƙashin bim, bakinsa ya ɗan fi na da girma, gudun iska ya sauka zuwa mita 4.5, kuma tirjiyar da iska ke samu a jikin kwano ta yi kusan daidai da ta asali. Da soso ya zama 250, da ƙarfen silin 300. Daga 2940 a cire 300, silin ba zai wuce 2640 ba. Muka ba da shawarar 2600, a bar rarar 40 saboda kuskuren hannu. Faɗin koridon 1800 ne, bututun da sosonsa 1050, saura 750 domin tiren wayoyin lantarki da bututun ruwan kashe gobara. Mafita ta biyu ita ce a bar bututun yadda yake a sauke silin zuwa 2540 ko ƙasa da haka, wanda muka san mai zanen gini zai ga ya yi ƙasa a korido mai tsawo. Mun rubuta ta duk da haka, don a san an duba.

Kafin mu rubuta na ce mu taka koridon har ƙarshe. Bim na layin D da na layin E duk zurfinsu ɗaya, kuma bututun zai bi ta ƙarƙashinsu. A hawa na uku ma haka abin yake, a na huɗu kuma ba a zuba kankare ba tukuna. Da ɗalibin nawa bai duba ba, da an amsa masa a kan layin C, mako mai zuwa ya sake rubuta wata takardar a kan layin D.

Sabuwar takardar shafi ɗaya ce. Kanta ya faɗi hawa, layi, sunan bim da girman bututu, ta yadda ko a jerin saƙonnin waya mutum zai san abin da ke ciki. Sakin layi na farko ya ba da lambobin zane uku da haruffan gyaransu. Na biyu ya ba da awon da muka yi, duk daga saman tayil, ya ƙare da cewa giɓin 160 ne. Sai tambaya, kowacce da sunan muƙamin wanda ake yi wa ita. Ga injiniyan na'urorin sanyi: ya amince a mai da bututun 1000 da 200 a ƙarƙashin bim na C da D da E? Ga mai zanen gini: ya amince silin korido ya sauko daga 2700 zuwa 2600? Ga injiniyan ƙarfin gini layi ɗaya ne, cewa ba a neman huda bim, an sanar da shi ne saboda hawa na huɗu. Daga ƙarshe aka rubuta ranar da ake bukatar amsa da dalilinta: an tsayar da lanƙwasa kwanon wannan sashe, masu silin za su iso koridon a mako mai zuwa, kuma akwai ƙarin kuɗin kwano da za a lissafa. Kalmar gaggawa ba ta fito ko sau ɗaya ba. Kowace takarda gaggawa take cewa, rana da dalili ne ke sa a ɗauke ta a gaba.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne zanen hannu da muka haɗa. Yanka ne na koridon kamar an tsaga shi da wuƙa an kalle shi ta gefe: dekin a sama, bim ya sauko, bututu, layin silin, layin tayil, kowanne da lambarsa, giɓin kuma da jan biro. Muka sake ɗaukar hoto biyu, ɗaya daga nesa da harafin C a rubuce a jikin fila, ɗaya daga kusa da tef a miƙe ana karanta lambar. Muka yanko ɓangaren zanen bututu muka kewaye wurin da da'ira. A manyan ayyuka inda ake gina ginin a kwamfuta tun farko da Revit, a bincika karo da Navisworks, ana kama irin wannan kafin a kawo siminti. Amma ko a can, hoton allo mai launuka ba ya amsa tambayar da nawa aka gaza, sai mutum ya rubuta.

Washegari na bi shi ofishin masu zanen a Wuse, domin ina so ya ga yadda takarda ke sauka a ɗaya ɓangaren. Ofis ne a saman bene, teburori cike da naɗaɗɗun zane. Injiniyar na'urorin sanyi, mace mai yawan shiru, ta karanta shafin, ta ɗauki kalkuleta ta sake bin lambobin, ta duba jadawalin girman bututu. Ba ta yi mana tambaya ko ɗaya a kan wuri ko awo ba. Ta amince, amma ta ƙara sharuɗɗa uku da mu ba mu kawo ba, kuma a nan ne ɗalibin nawa ya ga amfanin tambayar mai zane. Ta ce sauyin daga 600 zuwa 1000 kada ya zo farat ɗaya: tunda kowane gefe zai buɗe da 200, a ba shi tsawon aƙalla 800, don kada iska ta rabu da jikin kwano ta yi ta juyi. Ta ce kada mahaɗar bututu biyu ta faɗo a ƙarƙashin bim, domin leɓen ƙarfen mahaɗa yana fitowa waje, zai cinye rarar 40 ɗin da muka bari. Kuma tunda bim uku ne a jere, maimakon a yi ta faɗaɗawa ana tsukewa, a bar shi a 1000 da 200 tun daga gaban C har bayan E, a ƙarfafa shimfiɗaɗɗen kwanon don kada ya riƙa kaɗawa idan na'ura ta tashi.

Mai zanen ginin ya fi ɗaukar lokaci, domin shi tsayin silin ya dame shi. Ya buɗe zanen ƙofofi ya ga tsayinsu 2100 ne, ba abin da zai taɓa su. Ya yarda da 2600 a tsawon koridon gaba ɗaya, don kada silin ya riƙa hawa da sauka, ya ce a matsar da fitilun da ke nutsewa cikin silin zuwa gefe, tunda ba su da wurin shiga a ƙarƙashin bututun. Injiniyan ƙarfin gini ya sa hannu, ya ce a hawa na huɗu ma a bi wannan tsari, ba zai taɓa zurfin bim ba. Ya kuma rubuta da hannunsa a ƙasan shafin cewa kada a huda kowane bim ba da zanensa ba.

A kan matakala muna saukowa na ja hankalin ɗalibin nawa ga abu ɗaya da matasa ke mantawa. Amsar takardar neman bayani izinin fasaha ce, ba alkawarin biya ba ce. Kewayen bututun 600 da 300 mita 1.8 ne, na 1000 da 200 kuma mita 2.4, wato kwano da soso sun ƙaru da kashi ɗaya cikin uku a duk tsawon sashen. Idan ɗan kwangila yana so a biya shi wannan, sai an fitar da umarnin sauyi a rubuce kamar yadda yarjejeniyar aikin ta tanada, kuma a sa lambar takardar a jikinsa. Haka nan sai an gyara zane M-203 da A-301, in ba haka ba mai gyaran na'ura da zai buɗe silin bayan shekaru zai tarar da abin da babu shi a takarda.

Da yamma muka koma Jahi. Foman ya karɓi kwafin amsar, ya sa aka karanta masa sharuɗɗan, ya auna 800 a ƙasa da tef ya nuna wa yaransa inda sauyin zai fara. Ya tambaya ko za a iya amfani da guntayen 600 da 300 da aka riga aka lanƙwasa, aka ce masa za su shiga a farkon layin hawa na uku, kusa da ɗakin na'ura, inda babu bim a hanya.

Ga matasan injiniyoyinmu da ke tsaye a kan gine-gine a Abuja da Kaduna da Kano, roƙona shi ne kafin ku aika irin wannan takarda, ku miƙa ta ga wani abokin aiki da bai taɓa hawa wurin ba. Idan ya iya nuna muku bim ɗin a kan zane, ya faɗi giɓin da lamba, ya kuma faɗi wanda ake jira ya amsa da ranar da ake jiransa, ku aika. Idan ya kasa ko ɗaya daga ciki, ku ɗauki tef ku koma sama.